Yadda ake mayar da hargitsattsen jerin halarta ya zama jadawalin sunaye da ranaku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar wata Islamiyyar matan aure a wajen Ƙofar Marusa, nan Katsina. Ɗalibai 42 ne, muna karatu Asabar zuwa Laraba. Malamai uku ne suke shigar da sunayen waɗanda suka zo a Excel, kowace da irin rubutunta, kwanan wata a A, suna a B. Na Fabrairun 2025 ya kai layi 731. Shugabar makaranta tana son tebur ɗaya, sunaye a gefe, ranaku a sama, da alamar wadda ta zo da wadda ta yi fashi. Na gwada PivotTable sai ya fito da sunaye sama da ɗari. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam Malama. Teburin kansa fomula ɗaya ce, ba za ta ci miki minti biyar ba. Aikin yana kafin nan, kuma zai yi miki sauƙi idan kin fara da sanin cewa jerin da ke hannunki ba ya ɗauke da fashi ko ɗaya. Waɗanda suka zo kaɗai ke ciki. Matar da ba ta leƙo makaranta ba duk watan, babu sunanta a ko'ina cikin layukan nan, haka ranar da aka manta ba a ɗauki suna ba. PivotTable kuwa abin da ya gani yake jerawa, don haka ko kin gyara masa rubutu tsaf, wadda shugaba ta fi buƙatar sani, wato wadda ta daina zuwa gaba ɗaya, ita ce ba za ta fito ba. Saboda haka sunayen gefe daga rajistar makaranta za su fito, ranakun sama daga kalanda, jerin malamai kuma a yi masa tambaya ɗaya tak a kowane gida: wance ta bayyana a rana kaza?

Ki fara da kwafe shafin. Ki sa wa na farko suna Asali, kada ki ƙara taɓa shi, na biyun ki kira shi Aiki. A cikin Aiki ki je wani kolum can gefe, kamar H, ki jera 1, 2, 3 har ƙasa. Nan gaba za mu sake jera layukan, wannan lambar ce za ta mayar da su yadda aka shigar da su.

Sannan ki duba kolum A ko akwai gurabe. Malamai da yawa sau ɗaya suke rubuta kwanan wata, a sunan farko, su bar na ƙasa babu komai. Idan haka ne, ki zaɓi A2 zuwa A732, ki danna F5, sai Special, sai Blanks, sai OK. Ba tare da kin taɓa ko'ina ba ki rubuta alamar =, ki danna kibiyar sama, ki gama da Ctrl+Enter. Kowane gurbi zai ɗauki kwanan watan da ke samansa. Nan take ki kwafe kolum ɗin ki liƙa shi a wurinsa da Paste Special, Values, domin idan kika bar su a matsayin fomula, da zarar an sake jera layuka komai zai rikice.

Yanzu kwanan wata, inda aka fi yin asara ba a sani ba. Excel ba ya ajiye kwanan wata a matsayin rubutu, lamba yake ajiyewa, yana ƙirga ranaku daga farkon 1900. Ranar 1 ga Fabrairun 2025 a wurinsa 45689 ce, 3 ga wata kuma 45691. Abin da kike gani a allo riga ce kawai aka sa wa lambar. Matsalar ita ce kwamfutoci da yawa da ake saya a nan suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaba, rana a baya. Malama ta rubuta 3/2/2025 tana nufin Litinin 3 ga Fabrairu, kwamfuta ta ajiye 2 ga Maris, kuma ta ci gaba da nuna 3/2/2025, ba wanda zai yi zargin komai. Idan aka zo 15/2/2025, tunda babu wata na 15, sai ta bar shi a matsayin rubutu zalla. A watanki ranakun karatu 20 ne: 1 zuwa 5, 8 zuwa 12, 15 zuwa 19, 22 zuwa 26. Goman farko duk suna iya juyawa in ban da 2/2, wadda ko ta ina aka karanta daidai take. Goman ƙarshe su ne za su tsaya a rubutu.

Gane su ba wuya. Ki zaɓi kolum A ki mayar da shi General na ɗan lokaci. Kwanan wata na gaskiya zai koma lamba mai alƙaluma biyar, wanda yake rubutu kuwa ba zai motsa ba. Galibi ma na gaskiya suna jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Ki zaɓi dukkan teburin, har da sunaye da lambar H, ki jera shi bisa kolum A. Ki kula da nan sosai: idan A kaɗai kika jera, kin raba kowace mata da ranarta, kuma babu fomular da za ta gano hakan. Lambobi za su hau sama, rubutu ya taru a ƙasa. Waɗannan na ƙasa kaɗai za ki zaɓa a kolum A, ki shiga Data, Text to Columns, ki danna Next sau biyu, ki zaɓi Date da DMY, ki danna Finish. Irin su 15/2/2025 da 15-2-2025 za su zama kwanan wata na gaske. Abin da ya ƙi, kamar "Lit 17 Fab" ko "jiya", da hannu za a gyara. Watan nan ya faɗo a Sha'aban 1446, ba mamaki ki tarar wata malama ta rubuta na Hijira. Kada ki lissafa shi da fomula, ki duba kalandar da makaranta take aiki da ita, don bambancin kwana ɗaya na ganin wata ya isa ya sa a yi wa mutum fashin da bai yi ba.

Sauran waɗanda suka juya kuma, a D2 ki rubuta wannan ki ja ƙasa:

```
=IF(MONTH(A2)=2,INT(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)))
```

Ma'anarta, idan watan Fabrairu ne a bar shi, in ba haka ba a musanya rana da wata. INT ɗin yana yanke sa'a da minti idan sun maƙale a jikin kwanan watan, domin 45691 da rabi ba daidai yake da 45691 ba a wurin lissafi. Wannan dabara tana aiki ne don jerinki na wata ɗaya ne. Ranar da kika haɗa Fabrairu da Maris a shafi ɗaya, 3/2 da 2/3 duk za su iya zama gaskiya, sai dai lambar H ta nuna miki wanne aka fara shigarwa. Idan kin gama, ki gwada MIN da MAX na kolum D. Ƙarami ya zama 45689, babba 45714, wato 26 ga wata. Duk abin da ya fita daga tsakaninsu, akwai gyara. Ki sake jera teburin bisa H ya koma yadda yake.

Sai sunaye. Akwai rabin da na'ura za ta iya, akwai rabin da sai ke. Rabin na'ura shi ne dattin rubutu: tazara biyu tsakanin suna da sunan uba, tazara a ƙarshe da ido ba ya gani, ɗigo bayan harafi, da alamar hamza ta A'isha, wadda waya take rubuta mai lanƙwasa, kwamfuta kuma miƙaƙƙiya. Akwai kuma wata tazara ta daban da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wadda TRIM ba ya cirewa sai an fara mayar da ita tazarar yau da kullum. A C2:

```
=LOWER(TRIM(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2,UNICHAR(160)," "),UNICHAR(8217),""),"'",""),"."," ")))
```

Da wannan, "A'isha  Lawal" da "AISHA LAWAL " da "aisha lawal." duk sun zama aisha lawal. Na zaɓi ƙananan haruffa da gangan. Mutane suna son PROPER don ya fi kyan gani, amma yana ɗaga duk harafin da ya biyo hamza, sai ki ga A'Isha da Sa'Adatu. Kolum C ba na nunawa ba ne, ba wanda zai karanta shi sai fomula.

Iyakar na'ura ke nan. Ba ta san Indo ita ce A'isha ba, ko Dije Hadiza ce, ko Kulu Hauwa'u. Ba ta san malamar Laraba da Maman Khalifa take kiran wadda rajista ta sani da Zainab Musa ba, ko cewa wata rana da sunan mahaifi ake rubuta mace, wata rana da na miji. Ɗayyaba da Dayyaba ma mutum biyu ne a wurinta, don allon rubutun wata malama yana da ɗ, na wata babu. Za ki ji ana cewa akwai hanyar haɗa sunaye masu kama da juna a Power Query. Akwai, amma ban ba ki shawararta a wannan aiki ba. Kamannin haruffa take bi, sai ta ga Hassana Usman da Hussaina Usman sun yi kusa, Indo da A'isha kuwa ko harafin farko ba su haɗa ba. Wato inda ya kamata ta raba tana iya haɗawa, inda ya kamata ta haɗa ba za ta gani ba. Sunaye ɗari kacal gare ki, zama ɗaya ne bayan Isha'i.

Ki buɗe shafi mai suna Rajista. Kolum A lamba, B cikakken suna kamar yadda yake a littafin shiga, C ranar da ta fara karatu. Lambar ki sa mata harafi, D01 zuwa D42, don idan 01 kika rubuta zalla Excel zai cinye sifirin. Daga yanzu lambar ce mutum, suna ado ne. Fa'idarta za ta fito ne a kan irin Fatima Lawal biyu, ɗaya 'yar Kaita ɗaya 'yar Rimi.

Ki buɗe wani shafin, Sunaye. Ki kwafe kolum C na Aiki, ki liƙa a A da Values, ki shiga Data, Remove Duplicates. Mai Excel 2021 ko 365 zai iya amfani da UNIQUE, amma ko a nan gara ki liƙa sakamakon da Values, don jerin UNIQUE yana motsawa idan aka ƙara suna, lambobin da kika rubuta a gefensa kuwa ba sa bin sa. Ki jera daga A zuwa Z, masu kama za su zauna kusa da juna. Sai ki bi ɗaya bayan ɗaya kina rubuta lambar kowa a B. Zai yi kama da haka:

```
aisha lawal      D03
aishatu lawal    D03
indo lawal       D03
aisha sani       D04
aisha            DUBA
maman khalifa    D39
```

Layi na biyar shi ne abin lura. Kuna da A'isha biyu, malama ta rubuta aisha kawai. Kada ki ba wannan rubutu lamba, domin ranar Asabar wata yake nufi, ranar Talata wata. Irin wannan layi-layi ake warware shi a Aiki. Idan a ranar an riga an rubuta Aisha Lawal a sama, to akwai alamar ta biyun Aisha Sani ce, amma alama ce kawai, don tana iya zama ta farkon aka maimaita. Ki tambayi malamar ranar. In ta tuna, ki cika sunan a kolum B na Aiki, ki shafa wa gidan launi don a san hannu ya taɓa shi. In ba ta tuna ba, ki bar shi DUBA ki faɗa wa shugaba adadinsu. Ki kuma sa ido kan layuka irin su "hauwa sani ba ta da lafiya" ko "dije ta ɗauki izini". Malama ta rubuta su ne don a san ba su zo ba. Idan kika ba su lambarsu, tebur zai ce sun halarta. Su ma DUBA za ki sa, ki ajiye bayaninsu a gefe.

A E2 na Aiki:

```
=IFERROR(VLOOKUP(C2,Sunaye!$A:$B,2,FALSE),"DUBA")
```

Kada ki bar FALSE ɗin nan. Idan babu shi, VLOOKUP zai kawo sunan da ke kusa a jeri maimakon ya ce bai samu ba, sai a rubuta wa wata halartar wata ba tare da wata alamar kuskure ba.

Mun iso teburin. Sabon shafi, Jadawali. A, B da C ki kwafo su daga Rajista, layi na 2 zuwa na 43. Daga D1 zuwa W1 ki rubuta ranakun karatu 20, ki tabbatar kwanan wata ne na gaske ta hanyar gwajin General da muka yi ɗazu. A D2:

```
=IF(D$1<$C2,"-",IF(COUNTIF(Aiki!$D:$D,D$1)=0,"?",IF(COUNTIFS(Aiki!$E:$E,$A2,Aiki!$D:$D,D$1)>0,"H","F")))
```

Ki ja ta dama har W, ki ja ƙasa har 43, gida 840 ke nan. H halarta, F fashi. Alamar dala ita ke riƙe komai: $A2 yana tsare kolum ɗin lamba yayin da fomula take tafiya dama, D$1 yana tsare layin ranaku yayin da take sauka. Idan kika ga layin farko daidai amma sauran sun lalace, dalar ce ta zauna a inda bai dace ba. Na rubuta >0 maimakon =1 saboda maimaici. Matar da aka rubuta sau biyu a rana ɗaya ƙirgarta 2 ce, da =1 sai a ba ta fashi alhali ita ce aka fi shaida zuwanta.

Sauran sassa biyu na fomular adalci suke karewa. Karan ɗori, wato alamar -, na ranakun da mace ba ta riga ta shiga makaranta ba ne. A ce wata ta fara ranar 15 ga wata, ta zo sau 9 cikin ranaku 10 da suka rage. Halartarta kashi 90 ne cikin ɗari. Idan aka cika mata goman farko da F, sai ta koma kashi 45, a kira mijinta a kan laifin da babu shi. Alamar tambaya kuma ta ranar da babu suna ko ɗaya ne a jeri. Da wuya mata 42 su yi fashi rana guda. Ko dai ba a yi karatu ba saboda rasuwa ko biki a unguwa, sai ki cire kolum ɗin, ko kuma malama ba ta shigar ba, sai a nemo takardarta. Saboda haka kason kowa a X2 da H da F kaɗai ake lissafa shi:

```
=IFERROR(COUNTIF(D2:W2,"H")/(COUNTIF(D2:W2,"H")+COUNTIF(D2:W2,"F")),"")
```

Kafin ki kai wa shugaba, akwai lissafin da nake ganin bai kamata a tsallake ba, ko da tebur ya yi kyau a ido. Kowane layi cikin 731 dole ya zama ɗaya daga uku: ya zama H a tebur, ko maimaici ne, ko DUBA. Don ƙirga maimaici, a F2 na Aiki:

```
=AND(E2<>"DUBA",COUNTIFS($E$2:E2,E2,$D$2:D2,D2)>1)
```

Bayyanar farko za ta ba da FALSE, ta biyu TRUE. A ce kin ƙirga H a Jadawali kin samu 712, TRUE 14, DUBA 5. Jimla 731, lissafi ya rufe. Idan kuwa H 709 ne, layi uku sun ɓace a hanya, kuma wuraren ɓuyarsu kaɗan ne. Na farko, kwanan watan da ba ya cikin ranaku 20, kamar malama ta shigar da na Laraba washegari ta rubuta 6/2, wadda Alhamis ce. Ki tace kolum D ki duba jerin ranakun, ko ki yi amfani da WEEKDAY, inda 5 Alhamis ce, 6 Juma'a. Na biyu, lambar da kika yi kuskuren rubutawa a Sunaye, kamar D3 a maimakon D03, ko D43 da babu mai ita. Na uku, matar da ta fara zuwa kafin ranar da aka rubuta mata a Rajista, karan ɗori ya rufe halartarta.

Su 14 ɗin nan ma kada ki wuce su da sauri. Maimaici ɗaya ko biyu a wurare daban-daban ba komai ba ne, makararriya ce aka sake rubutawa. Amma idan lamba ɗaya ce take maimaituwa kusan kullum, to mutum biyu kika cusa a lamba ɗaya. Ki leƙa Jadawali, za ki tarar da wata mai suna irin nata da F tun daga farko har ƙarshe. Wannan kuskuren lissafin jimla ba ya kama shi, don jimlar za ta rufe daidai, sai kallon waɗanne lambobi ne suke maimaituwa. Haka duk layin da ya fito F zalla, ki kira sunan a gaban malaman uku kafin a buga. Sau da yawa ɗaya za ta ce ai kullum tana zuwa, da wani suna nake rubuta ta.

Wata mai zuwa aikin zai ragu ƙwarai, domin shafin Sunaye yana nan, sababbin rubuce-rubuce kaɗai za su fito DUBA ki ƙara su a ƙasa. In kina son rufe ƙofar gaba ɗaya, ki tabbatar shafin Rajista yana cikin fayil ɗin malamai, ki zaɓi kolum ɗin suna a can, ki shiga Data, Data Validation, List, ki nuna masa sunayen Rajista, su riƙa zaɓa maimakon rubutawa. Masu suna iri ɗaya ki bambanta su a Rajistar tun farko, Fatima Lawal Kaita da Fatima Lawal Rimi. Kwanan watan yau kuma Ctrl+; yana shigar da shi daidai a kwamfuta. Ki mayar da tsarin yanki na Windows zuwa English (Nigeria) ko English (United Kingdom) don rana ta riƙa zuwa gaba da wata, sai dai wannan sababbin shigarwa kaɗai yake gyarawa, waɗanda suka riga suka juya suna nan a juye.

Wanda za ki tura wa shugaba, ki kwafe Jadawali zuwa sabon fayil ki liƙa da Values, in ba haka ba fomulolin za su riƙa neman shafin Aiki da ba ya tare da su. Ki sa wa F launi ja da Conditional Formatting, ki gajarta ranakun sama zuwa rana da wata kawai da tsarin d/m, ki juya takardar a kwance, kolum 24 za su shiga A4 ɗaya idan kin zaɓi Fit All Columns on One Page.